Harsashin gudu: mako nawa kafin a fara atisayen sauri?

Ranar 2 ga Satumba, 1960, a filin wasannin Olamfik na birnin Roma, wani saurayi ɗan ƙasar New Zealand mai shekara 21, Peter Snell, ya ci zinare a tseren mita 800. Ya sha gaban Roger Moens na Beljiyam, wanda a lokacin shi ke riƙe da bajintar duniya a wannan tsere. Ba a cika sa'a guda ba, ɗan ƙasarsu Murray Halberg ya ci zinaren mita 5,000. Bayan 'yan kwanaki kuma Barry Magee ya zo na uku a gudun fanfalaki, wanda Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi a ƙafarsa. Su ukun nan duk malaminsu ɗaya, Arthur Lydiard, mutumin birnin Auckland wanda ya yi aiki a masana'antar takalma, ya kuma yi rabon madara gida-gida.

Abin da ya ɗaure wa masu horarwa na wancan zamani kai shi ne yadda Snell ya shirya. Tseren mita 800 bai kai minti biyu ba, amma Lydiard ya sa shi gudun wajen kilomita 160 a mako, har da zagayen tsaunukan Waitakere mai tsawon kilomita 35 da suke yi a ƙarshen mako. Sai bayan an shafe makonni ana wannan doguwar tafiya ake shiga fili a fara atisayen sauri. Bayan shekara huɗu, a Tokyo, Snell ya sake cin mita 800, ya haɗa da mita 1,500.

Daga nan ne ra'ayin aza harsashi ya bazu a duniyar masu gudu: ka fara gina juriya da dogon gudu wanda numfashinka ke iya ɗauka, sannan ka ɗora sauri a kai. Yau kusan babu mai horarwa da ke musun asalin maganar. Inda ake sa-in-sa shi ne tsawon lokacin. Wani ya ce mako shida, wani ya ce wata shida. Na daɗe ina bibiyar wannan tambaya, a littattafai da kuma a ƙafafuna, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: babu adadin makonni guda da ya dace da kowa, amma akwai hanyar da mutum zai auna ya gane nasa. Ita nake so in shimfiɗa a nan.

Abin da ake ginawa

Idan kana sassarfa cikin natsuwa, tsokar ƙafarka tana samun kusan duk ƙarfinta ne ta hanyar ƙona kitse da sukari da iskar oksijin. Wannan aiki yana buƙatar abu uku. Akwai zuciya mai tura jini da yawa a kowane bugu. Akwai siraran jijiyoyin jini da ke kewaye da kowane zaren tsoka, su ne ke sauke iskar a inda ake buƙatarta. Sai kuma wasu ƙananan murahu a cikin ƙwayoyin tsokar, waɗanda masana ke kira maitokondiriya, inda ainihin ƙonawar ke faruwa. A shekarar 1967 wani likita mai bincike a birnin St. Louis na Amurka, John Holloszy, ya nuna cewa ɓerayen da aka saba musu da dogon gudu na tsawon makonni sun kusan ninka ƙarfin waɗannan murahu a tsokarsu. Wato tsoka kanta tana sake gini idan an dage mata, ba zuciya da huhu kaɗai ba.

Idan ka ƙara sauri fiye da abin da murahun za su iya ɗauka, jiki yana komawa ga farfasa sukari cikin gaggawa. Sinadarin laktet ya fara taruwa a jini, numfashi ya yi sama, ƙafa ta yi nauyi, cikin 'yan mintoci dole ka sassauta. Duk wanda murahunsa suka fi yawa, wannan iyaka tana zuwa masa ne a saurin da ya fi na wani. Kuma ko a atisayen saurin kansa, a ce mita 400 sau takwas, abin da ke wartsakar da kai a ɗan hutun da ke tsakanin zagaye da zagaye shi ne wannan tsari mai aiki da iska. Mai ƙaramin harsashi zai yi zagaye uku masu kyau, sauran biyar kuwa jan ƙafa ne. Mai babban harsashi zai yi takwas ɗin a sauri ɗaya, ya tashi gobe ya sake fita.

Gaɓoɓi ba sa tafiya tare

Dalilin da ya sa tambayar tsawon lokaci take da wuya shi ne sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci guda. Ruwan jini yana ƙaruwa cikin kwanakin farko, shi ya sa a mako na biyu sabon mai gudu yake jin numfashinsa ya yi sauƙi. Ƙarfin zuƙar iska ma ba ya jinkiri: Robert Hickson da abokan aikinsa sun nuna a 1981 cewa idan an tsaya a kan nauyin atisaye guda, rabin ƙaruwar da za a samu tana zuwa ne cikin kamar kwana goma sha ɗaya, kuma bayan mako uku ba a ƙara ganin wani ci gaba sai an ƙara nauyin. Siraran jijiyoyin jini suna ɗaukar makonni zuwa watanni.

Agara da ƙashi su ne 'yan baya. Jini kaɗan ke ratsa agara, saboda haka sai ta yi wata biyu zuwa uku tana ɗaukar kaya kafin ta ƙara tauri yadda za a iya aunawa. Ƙashi kuwa yana da wata ɗabi'a mai ruɗarwa. Idan an ɗora masa sabon nauyi, da farko jiki yana cire tsohon ƙashin da ya gaji, sannan ya cike gurbin da sabo, kuma wannan zagaye yana cin watanni uku zuwa huɗu ko fiye. A tsakanin cirewa da cikewa, ƙashin ya fi rauni a kan yadda yake kafin a fara.

Nan haɗarin yake. A mako na huɗu ko na biyar, ƙirji yana gaya wa mutum cewa ya shirya, alhali ƙwauri da agara suna tsakiyar aiki. Gudun sauri kuma yana ƙara ƙarfin da ƙafa ke dukan ƙasa da shi a kowane taku. Sakamakon shi ne ciwon ƙwauri, ko kumburin agara, ko tsagewar ƙashi irin ta gajiya, wadda ke iya zaunar da mutum mako shida zuwa takwas. Ashe ke nan tsawon lokacin harsashi yana bin sawun gaɓar da ta fi kowace jinkiri ne, ita kuma ba ta magana sai ta lalace.

A ɗaya ɓangaren, ribar atisayen sauri tana zuwa da wuri, tana kuma tsayawa da wuri. Lydiard kansa mako huɗu kacal yake ware wa atisayen da ya fi tsanani. Tsarinsa ya kasance kamar haka: aƙalla mako goma na dogon gudu, kuma yakan so a tsawaita shi gwargwadon lokacin da ake da shi, mako huɗu zuwa shida na hawan tudu, mako huɗu na gudu mai tsanani a fili, sannan 'yan makonnin gwaje-gwajen tsere da sassautawa kafin babbar rana. Ma'anarsa, kaifin sauri abu ne da ake wasawa cikin wata guda ko ɗaya da rabi, alhali juriya tana ci gaba da ƙaruwa shekara da shekaru. Wanda ya fara wasa wuƙarsa wata huɗu kafin ranar yanka, kafin ranar ta zo ya cinye ƙarfen.

Abin da ake mancewa game da mako goma

Mutane da yawa sun ɗauki adadin nan na mako goma kamar doka, sun manta da waɗanda aka rubuta wa shi. Snell da Halberg da Magee ba sababbin shiga ba ne. Sun yi shekaru suna gudu, ƙasusuwansu da agararsu sun riga sun ƙeƙashe. Mako goma a wurinsu sabunta gini ne a kan tsohon tushe. Ma'aikacin banki ɗan shekara 38 da ya sayi takalmin gudu a watan jiya, shi daga haƙa rami zai fara.

Abu na biyu da ake mancewa: gudun yaran Lydiard ba jan ƙafa ba ne. Yana so su yi gudu da ƙarfi daidai gwargwado, ƙasa kaɗan da inda numfashi ke ƙwacewa, su gama da gajiya mai daɗi wadda ba za ta hana su fita gobe ba. Ga mutum irina da kai, ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana. Idan kana iya faɗin cikakkiyar jimla kana gudu, ba tare da ka yanke ta don jan numfashi ba, kana cikin iyaka. Idan sai kalma biyu-biyu, ka wuce. Masu agogon da ke auna bugun zuciya kuma wasunsu suna bin lissafin Phil Maffetone, wato a cire shekarun mutum daga 180. Lissafi ne na kintace, yana iya kauce wa wani da bugu goma sama ko ƙasa, amma ya isa a fara da shi, a riƙa gwada shi da ma'aunin magana.

Yadda na auna nawa

A daminar da na ware wa wannan aiki ina da shekara 35, saboda haka na sa iyakata a bugu 145 a minti. Na fara da fita uku a mako, jimilla wajen kilomita 20. Kowane mako nakan ƙara kaɗan, a mako na huɗu kuma in rage kashi ɗaya cikin huɗu don jiki ya cike gurbi. Na fara ƙara yawan ranaku kafin in ƙara tsawon kowace fita. A mako na goma sha biyu na kai fita biyar, kilomita 45, mafi tsawo a ciki awa ɗaya da rabi.

Duk bayan mako huɗu nakan yi gwaji biyu, a hanya ɗaya mai shimfiɗe, bayan sallar Asuba, don kada zafin rana ya shiga lissafin.

Gwaji na farko: kilomita biyar, ina riƙe bugun zuciya a kan 145, in duba minti nawa kowace kilomita ta ci. A makon farko minti 7 da sakan 5 ne. A mako na huɗu ya sauko zuwa minti 6 da sakan 55, a na takwas minti 6 da sakan 35, a na goma sha biyu minti 6 da sakan 20. A mako na goma sha shida kuwa minti 6 da sakan 17 na samu. Wato a wata na biyu na ci sakan ashirin, a na uku sakan goma sha biyar, a na huɗu sakan uku kacal. Zuciya tana aiki iri ɗaya, ƙafa tana ƙara nisa, har aka zo inda ƙarin ya tsaya.

Gwaji na biyu yana auna ɗorewa. Nakan yi awa ɗaya a sauri guda, minti 7 kowace kilomita, sannan in kwatanta matsakaicin bugun zuciya na rabin awar farko da na biyu. Dole na biyu ya ɗan fi, domin jiki yana zafi, gumi yana rage ruwan jini, tsokar da ta gaji tana neman taimakon wasu zaruruwa. Tambayar ita ce da nawa ya fi. A makon farko na samu 140 da 153. Bambancin 13 ne, idan an raba shi da 140 ya ba da kashi 9 cikin ɗari. A mako na takwas 137 da 144, wato kashi 5. A na goma sha biyu 135 da 140, ƙasa da kashi 4. Mai horarwa Joe Friel ya yaɗa irin wannan gwaji, kuma a ƙa'idarsa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari alama ce cewa juriyar mutum ta zauna a wannan tsawon gudu. Ƙa'idar masu horarwa ce da aka samo daga gogewa, kuma ta yi mini aiki.

Akwai sharaɗi na uku wanda agogo ba ya aunawa. Kafin in taɓa sauri, sai da na riƙe kilomita 45 ɗin nan mako huɗu a jere ba tare da wani ciwo mai zama wuri ɗaya ba. Gajiyar tsoka wadda ke watsuwa a cinya ko sha-raɓa, ta kuma tafi bayan an ɗan ɗumama jiki, ba abin damuwa ba ce. Amma ciwon da za ka iya nunawa da ɗan yatsa ɗaya a kan ƙwauri, ko agarar da ke sanƙarewa a takun farko da safe, waɗannan suna cewa ginin bai bushe ba, komai kyawun lambobin agogo.

Da sharuɗɗan uku suka haɗu, wato ƙaruwa ta tsaya, bambancin bugu ya sauka ƙasa da kashi 5, ƙafa kuma lafiya, sai na rufe wannan mataki a mako na goma sha shida. A inda nake, ci gaba da wannan sassarfa kaɗai ba zai ƙara mini abin kirki ba sai in na ƙara kilomitoci, aikina kuma ba zai bar ni in wuce fita biyar a mako ba. Wannan ma wani abu ne da ya kamata a faɗa a fili: ga mai aikin ofis, sau da yawa lokaci ne ke yanke tsawon harsashi. Idan ka kai iyakar sa'o'in da kake da su, kuma jiki ya gama cin moriyarsu, hanyar ci gaba da ta rage ita ce ƙara tsanani.

Sai dai a kula da yanayi, domin yana iya yi wa gwaje-gwajen nan ƙarya. Zafi yana ɗaga bugun zuciya ko da juriya ba ta ragu ba. Wanda ya fara auna kansa a watan Oktoba a Kano ko Sakkwato ya gama a Janairu, wani ɓangare na ci gaban da zai gani kyautar sanyin hunturu ce. Wanda kuma ya fara a Janairu ya gama a Afrilu, zai iya ganin lambobinsa sun tsaya ko sun koma baya alhali jikinsa yana ƙaruwa. Rashin barci, ƙarancin ruwa da zazzaɓin da ke tafe duk suna yin haka. Saboda haka kada gwajin rana ɗaya ya yanke hukunci. Idan sakamako ya zo baƙo, a sake shi bayan kwana uku.

To, mako nawa?

Idan dole sai an ba da adadi, ya danganta da tarihin ƙafar mutum. Wanda bai taɓa gudu a kai a kai ba, ko ya bari shekaru da yawa, ya ba kansa wata huɗu zuwa shida, yana farawa da haɗa tafiya da sassarfa. Ba zai yi asarar komai ba, domin a wannan mataki sassarfa kaɗai tana ƙara masa sauri kowane wata. Wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana fita sau uku a mako, kamar yadda nake a lokacin, mako goma sha biyu zuwa goma sha shida. Wanda kuwa ya daɗe a harkar, ya huta mako biyu ko uku bayan wata gasa, mako shida zuwa takwas sun ishe shi. Binciken Edward Coyle na 1984 a kan 'yan wasan da suka daɗe suna atisaye ya nuna dalili: bayan sun daina kusan wata uku, ƙarfin zuƙar iskarsu ya ragu sosai, amma yawan siraran jijiyoyin jinin tsokarsu bai koma irin na marasa atisaye ba. Tsohon gini yana da saurin gyara.

Mai shirin gasa kuma daga ranar gasar zai ƙirgo baya. A ce kana nufin tseren kilomita 10 da ake haɗawa da gudun fanfalakin Legas a watan Fabrairu. Ka cire mako ɗaya na sassautawa, mako shida na atisayen sauri, mako uku na hawan tudu wanda zai zama gada tsakanin matakan biyu. Wannan ya dawo da kai farkon Disamba. Idan harsashinka mako goma sha biyu ne, tsakiyar Satumba za ka fara. Idan kuma ka farka a makare, a Nuwamba, makonnin sauri za ka rage, ka bar na harsashi yadda suke. Mai juriya da kaifin mako uku zai gama tseren, wataƙila da jinkirin minti ɗaya ko biyu. Mai kaifi ba juriya zai iya kallon tseren daga gefen titi da ɗaurarren ƙwauri.

Iyakar maganar

Akwai wata tatsuniya da ke yawo cewa ko sau ɗaya ka yi gudun sauri a lokacin harsashi, ka rushe duk abin da ka gina. Ilimin aikin jiki bai goyi bayan wannan ba. Gudu mai tsanani shi ma yana ƙara maitokondiriya da ƙarfin zuciya, cikin gaggawa ma. Illarsa ita ce tsadarsa: yana gajiyar da mutum har ya kasa tara kilomitocin da yake buƙata, yana kuma ɗora wa ƙashi kayan da bai shirya ɗauka ba. Shi ya sa masu horarwa da yawa ke barin ɗan sauri mai araha a cikin harsashi. Daga mako na huɗu ko na biyar, sau biyu a mako, bayan an gama sassarfa, a yi gudu mai sauri amma a sake, na sakan 15 zuwa 20, sau huɗu zuwa shida, ana tafiya a ƙafa tsakaninsu har numfashi ya dawo. Gajartarsa ba ta barin gajiya ta taru, amma ƙafa ba ta manta yadda ake ɗaga ta.

Haka nan harsashi ba ya ƙarewa ranar da aka shiga fili. Stephen Seiler, masanin da ke koyarwa a Norway, ya duba yadda manyan 'yan wasan juriya ke raba atisayensu, ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na fitarsu mai sauƙi ce, ko a tsakiyar kakar gasa. Ga mai fita biyar a mako, wannan yana nufin rana ɗaya ce ta sauri, sauran huɗun suna nan yadda suke. Ita ma ranar a fara ta da sauƙi, misali minti uku na gudu mai ƙarfi sau huɗu, da hutun sassarfa na minti biyu a tsakani.

Kuma kada a ajiye gwajin kilomita biyar ɗin nan bayan an fara sauri. A ci gaba da yin sa duk mako huɗu. Muddin lambar tana nan ko tana sauka, harsashin yana ɗauke da abin da aka ɗora masa. Ranar da ka ga kilomitar da kake yi a minti 6 da sakan 17 ta koma minti 6 da rabi a bugu ɗaya, yanayi bai canja ba, barci kuma lafiya, to saurin ya fara cin jarinsa. Sai ka janye shi mako biyu ko uku, ka koma sassarfa, sannan ka sake aunawa.